Sauya Lambar Waya da Makomar Asusun Saƙonni

Sharhin na yau ya shafi wata matsala da ke yawan tasowa a Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, wato abin da ya kamata mutum ya yi da asusunsa na manhajar aika saƙonni idan ya sauya lambar waya. Asusu, wanda wasu ke kira akawun, shi ne rajistar da mutum ya yi da kamfanin manhaja, wadda ta ƙunshi sunansa da hotonsa da zaurukan da yake ciki da kuma hanyar da saƙonni ke bi su iso gare shi. Hanyoyi biyu ne a gaban mai sauya lamba, ko dai ya raba tsohuwar lambar da asusun ya ɗora sabuwa a gurbinta, ko kuma ya goge asusun baki ɗaya ya buɗe sabo, kuma ko da yake a bakin jama'a ana ɗaukar su kamar abu ɗaya, sakamakonsu ya sha bamban ƙwarai. Akwai kuma hanya ta uku da mafi yawan mutane ke bi ba tare da sun san sun zaɓe ta ba, wato barin komai yadda yake, kuma ita ce ta fi sauran jawo asara.

Dalilan sauya lamba a wannan yanki suna da yawa. Manomin citta da ke ƙauyukan Kaciya ko Jaba yakan ga cewa layin da ke da sabis a gida ba shi ne ke da sabis a gona ba, ɗalibar da ta zo karatu Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan takan sayi layin da ya fi arahar data, sannan ga satar waya da ɓacewarta a tasha da ranar kasuwa. Babban dalili kuwa a 'yan shekarun nan shi ne umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, wanda gwamnatin tarayya ta fara a watan Disamba na 2020, aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira a Afrilun 2022, aka kuma sa wa'adin ƙarshe a Satumban 2024. Mutane da dama sun tarar cewa layin da suka shekara goma suna amfani da shi an yi masa rajista ne da sunan wani ɗan'uwa ko mai shagon da ya sayar musu, saboda haka da aka rufe shi sai suka ga sayen sabo ya fi musu sauƙi. Yana da kyau a tuna a nan cewa tun daga 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da damar mutum ya koma wani kamfani da lambarsa ta asali, don haka wanda matsalarsa ta sabis ce kawai ba lallai ne ya rabu da lambar ba.

Tushen al'amarin shi ne cewa lambar waya aro ce a hannun mai ita. Bisa ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi da shi wani abu da ke kawo wa kamfani kuɗi ba, kamar kira ko saƙon tes ko sayen data, ana iya dakatar da shi, idan kuma ya ƙara wata shida a haka, mai shi na iya rasa lambar, kamfani ya sake sayar da ita ga wani. Wannan ba zalunci ba ne daga kamfanonin, domin lambobin suna da iyaka, kuma haka ake yi a ƙasashe da yawa. Sai dai manhajar WhatsApp, wadda ita ce aka fi amfani da ita a wannan yanki, ba ta san mutum da fuska ko da suna ba, da lamba ta san shi, kuma duk wanda ya iya karɓar lambobi shida na tabbatarwa da take aikawa ta saƙon tes ko ta kira, shi ne mai asusun a wurinta.

Kamfanin WhatsApp ya yi tanadi guda biyu domin rage wannan haɗari. Na farko, asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba, a bisa al'ada ana goge shi. Na biyu, idan asusu ya yi kwana 45 ba a taɓa shi ba, sannan aka kunna lambar a wata sabuwar waya, kamfanin yana ɗaukar haka a matsayin alamar cewa lambar ta koma hannun wani, sai ya share tsofaffin bayanai irin su hoto da taƙaitaccen bayanin da mutum ya rubuta game da kansa. Wanda ya kwatanta waɗannan kwanaki da shekara gudar da kamfanin layi ke jira zai iya zaton babu abin tsoro, tunda asusun zai mutu kafin a sayar da lambar. Zaton ya yi daidai ga wanda ya daina amfani da asusun kwata-kwata, amma bai shafi mafi yawan mutane ba, kuma dalilin haka shi ne zuciyar wannan sharhi.

WhatsApp ba ya duba layin da ke cikin waya sai a ranar rajista. Bayan wannan rana, abin da yake bukata shi ne intanet, ko daga wane layi ta fito. Saboda haka idan mutum ya cire tsohon layi ya jefar, ya sa sabo ya sayi data, manhajar za ta ci gaba da aiki lafiya lau a kan tsohuwar lamba, saƙonni suna shigowa, zauruka suna nan, babu wata alama da za ta nuna masa cewa akwai gyaran da ya rage. A wannan hali agogo biyu ne ke tafiya daban. Agogon WhatsApp na kwana 45 da na kwana 120 ba ya motsi, domin asusun yana aiki kullum, amma agogon kamfanin layi yana ƙirga watanni, domin ba a kira ko sayen data da tsohon layin. Ranar da shekara ta cika aka sayar da lambar, sabon mai ita zai samu asusu mai rai, wanda aka yi amfani da shi jiya.

A ɗauki misalin wani dillalin citta a Kafanchan, wanda ke sayen busasshiyar citta daga manoman Kwoi da Zonkwa yana tura wa 'yan kasuwar Kano da Legas. An rufe layinsa saboda rajistar ba da sunansa take ba, ya sayi sabo, ya ba makusantansa sabuwar lamba domin kira, amma ya bar WhatsApp a kan tsohuwa domin a can abokan cinikinsa suka san shi. Yana cikin zauren dillalai inda ake sanar da farashin buhu, yana cikin zauren adashi inda shi ne admin, wato mai ikon shigar da mutane da fitar da su, yana kuma cikin zauren ƙungiyar garinsu. Bayan shekara da 'yan watanni, wani matashi a wata jiha ya sayi layi, ya sauke manhajar, lambobin tabbatarwa suka shigo masa, ya shigar. A wannan lokaci wayar dillalin za ta fitar da shi daga asusun, ta sanar da shi cewa an yi wa lambar rajista a wata waya, idan kuma ya nemi komawa sai a aika lambobin tabbatarwa zuwa layin da ba ya hannunsa.

Ya kamata a fayyace abin da matashin zai gani da abin da ba zai gani ba, domin akwai ƙarin gishiri a maganganun da ke yawo. Ba zai ga tsofaffin hirarraki ba, saboda WhatsApp yana adana su ne a cikin wayar mai su da kuma ajiyar da ke asusunsa na Google ko iCloud, ba a kan lambar ba. Amma zai tsinci kansa a cikin zaurukan dillalin da hotonsa da matsayinsa na admin, zai ga lambobin duk 'yan zauren, kuma duk sabon saƙon da aka turo daga wannan rana wurinsa zai je. Idan ɗan kasuwar Kano ya rubuto yana tambayar lambar asusun bankin da zai tura kuɗin buhu hamsin, ko wata 'yar adashi ta turo shaidar zubinta tana tambayar ranar kwasa, amsar tana hannun baƙo. Mutumin kirki zai ce an yi kuskuren lamba ya fice daga zaurukan, kuma da yawa haka suke yi, amma dukiyar mutane da amanar da aka shekara ana ginawa sun fi ƙarfin a jingina su ga halin wanda ba a sani ba.

Abin da ya kamata dillalin ya yi tun ranar da ya sa sabon layi bai wuce aikin minti biyar ba. A wayar da aka saita da Turanci, zai shiga `Settings`, ya taɓa `Account`, sannan `Change number`, ya rubuta tsohuwar lamba a sama da sabuwa a ƙasa, kowacce da lambar ƙasa +234 ba tare da sifirin farko ba. Manhajar za ta tambaye shi ko yana so a sanar da mutanensa, ko duka, ko waɗanda ya taɓa hira da su, ko waɗanda ya zaɓa da kansa, zauruka kuwa ana sanar da su ko ya zaɓa ko bai zaɓa ba. Daga nan lambobi shida za su shigo sabon layin, ya shigar da su. Da zarar an kammala, suna da hoto da zauruka da saituna duk sun koma kan sabuwar lamba, hirarraki suna nan a wayar yadda suke, tsohuwar lamba kuma ta tashi babu asusu a kanta, ta yadda wanda zai saye ta nan gaba zai fara ne daga farko.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan sauyi ba ya bukatar tsohon layin ya kasance da rai. Sabuwar lamba ce kaɗai ake aika wa lambobin tabbatarwa, sharaɗin tsohuwa kuwa shi ne ta kasance ita ce ke kan manhajar a wannan waya. Ma'ana, duk wanda layinsa ya mutu wata biyar ko takwas da suka wuce, amma WhatsApp ɗinsa yana aiki, ƙofa a buɗe take gare shi har yanzu. Ƙofar tana rufewa ne ta hanya biyu, ko dai a sayar da lambar, ko kuma wayar ta lalace a kai ta wurin mai gyara ya wanke ta, domin bayan wankewa manhajar za ta nemi a sake tabbatar da tsohuwar lamba. Saboda wannan dalili tsarin aikin yana da muhimmanci ga wanda zai sauya waya da layi a lokaci guda. Zai fara sauya lambar a tsohuwar waya, ya yi sabuwar ajiyar hirarraki a `Chat backup`, sannan ya sauke manhajar a sabuwar waya ya tabbatar da sabuwar lamba ya dawo da ajiyar. Wanda ya juya wannan tsari, ya fara buɗe sabon asusu a sabuwar waya, zai wayi gari da asusu biyu, ɗaya fanko, ɗaya kuma ɗauke da duk tarihinsa a kan lambar da ba tasa ba.

Goge asusu wani abu ne daban. Ana samunsa a wuri ɗaya, a ƙarƙashin `Account`, da sunan `Delete account`, kuma kusancin maɓallan biyu na daga cikin abin da ke rikita mutane. Gogewa tana fitar da mutum daga dukkan zaurukansa, tana share tarihin hirarrakinsa, tana share ajiyar da ke Google, kuma ba a dawo da ita ko da an yi ta bisa kuskure. Kamfanin ya ce share bayanan daga rumbunsa na iya ɗaukar har kwana 90, amma ga mai asusun asarar ta nan take ce. Ga dillalin da aka yi misali da shi, wannan na nufin saƙonnin murya da aka yi ciniki a cikinsu, da hotunan rasit, da lissafin wanda ya biya da wanda ake bi bashi, duk sun tafi, alhali a kasuwancin da yawancinsa na baki ne waɗannan su ne takardunsa. Haka kuma idan shi kaɗai ne admin na zauren adashi, manhajar za ta ɗora wani daga cikin mambobi ba tare da shawara da kowa ba, wanda zai iya zama mutumin da 'yan adashin ba za su taɓa zaɓa ba. Abin da gogewa ba ta yi shi ne janye saƙonnin da mutum ya riga ya aika, domin kwafinsu yana wayoyin waɗanda suka karɓa. Wanda ya goge asusu da nufin ɓatar da wata magana da ya yi nadamar faɗa, nasa kwafin kawai ya ɓatar.

Duk da haka akwai inda gogewa ce daidai. Wanda ya riga ya buɗe sabon asusu ya zauna a kansa, tsohon kuma yana nan a wata waya ba ya bukatarsa, gara ya kwashe abin da yake so daga ciki, ya miƙa ragamar zauruka ga wanda aka amince da shi, sannan ya goge. Haka wanda zai ba ƙaninsa ko matarsa layin, domin a wannan hali babu jiran shekara, lambar ta sauya hannu a yini ɗaya. Haka kuma iyalan mamaci da wayarsa ke hannunsu, bayan sun adana abin da ya shafi bashi da gado, domin ganin hoton marigayi ya dawo yana amsa saƙo bayan shekara abu ne mai tayar da hankali ga dangi. Cire manhajar daga kan waya kuwa ba gogewa ba ce, asusun yana nan a wurin kamfani har sai kwanakinsa sun cika.

Idan waya aka sace, babu ɗaya daga hanyoyin biyu da ke buɗe, tunda dukansu daga cikin manhajar ake yin su. Matakin farko shi ne a sa kamfanin layi ya toshe layin, sannan a je ofishinsu da NIN a karɓo lambar a sabon kati, abin da jama'a ke kira welkom bak, a yi rajistar WhatsApp a wata waya, wanda hakan zai fitar da ɓarawon daga asusun. A nan ne layin da ke ɗauke da sunan wani yake zama matsala, domin kamfani ba zai ba da lambar ga wanda bayanansa ba su dace da rajistar ba. Tsarin tsaro mai mataki biyu, `Two-step verification`, wato lambobin sirri shida da mai asusu ke zaɓa da kansa, yana taimakawa sosai, amma jinkiri yake kawowa na kwana bakwai ga wanda ya riƙe layin, ba ya mayar da lambar da ta tafi. Amfanin makon shi ne mutum ya samu sararin kiran admin na kowane zaure a cire tsohuwar lamba, ya kuma sanar da abokan hulɗarsa.

Maganar cire lamba zalla, ba tare da sa wata a gurbinta ba, ta dogara da irin manhajar. A WhatsApp ba a barin asusu babu lamba, sai dai a musanya. A Facebook da Messenger kuwa asusun yana tsaye ne a kan suna da kalmar sirri, lamba ɗaya ce daga hanyoyin shiga da kuma dawo da kalmar sirrin da aka manta, don haka ana iya cire ta asusun ya zauna lafiya, muddin an fara sa imel ko sabuwar lamba an tabbatar da ita. Barin tsohuwar lamba a can yana ba sabon mai ita damar neman sauya kalmar sirri ta saƙon tes. Telegram ya fi kama da WhatsApp wajen dogaro da lamba, amma haɗarinsa ya fi girma ta fuska ɗaya, domin yana adana hirarraki na yau da kullum a rumbun kamfani, saboda haka wanda ya samu shiga da tsohuwar lamba na iya karanta har saƙonnin shekarun baya, sai idan an sa kalmar sirri ta biyu. Shi ma yana da nasa wurin sauya lamba a cikin saituna, kuma shi ya kamata a bi.

Akwai iyaka guda da sauyawa da gogewa duka ba su ƙetare ba, wato littafin lambobin da ke wayoyin sauran mutane. Duk wanda ya adana tsohuwar lamba da sunan dillalin zai ci gaba da riƙe ta haka, kuma ranar da sabon mai layin ya buɗe nasa asusun, zai bayyana a wayoyinsu da sunan dillalin, ko da kuwa an bi duk matakan da aka zayyana. Alamomin da za su sa abokin hulɗa ya tsaya ya bincika su ne hoto ya sauya ko ya ɓace, manhajar ta nuna cewa lambar tsaron hirar ta canza ga wanda ya kunna wannan sanarwa, mutumin da ya saba aika murya da Hausa ko Jju ko Tyap ya koma rubutu kaɗai yana kauce wa kira, ko kuma a turo sabuwar lambar banki da sunan da ba a sani ba. Kira ɗaya na murya yakan warware shakkar. A ɓangaren mai sauya lamba kuma, sanarwar manhaja ba ta isa ga kowa, don haka sanarwa a taron ƙungiya, ko a zumuntar mata, ko bayan sallar Juma'a ga waɗanda abin ya shafa, tare da roƙon a goge tsohuwar lamba maimakon a ajiye biyun, wani ɓangare ne na aikin.

Lambar da ke riƙe da asusun saƙonni galibi ita ce ke karɓar sanarwar banki da lambobin tabbatar da tura kuɗi, a wasu manhajojin kuɗi irin su OPay da PalmPay ma ita ce lambar asusun idan aka cire sifirin farko, saboda haka gyaran WhatsApp ba ya ɗauke wa mutum zuwa banki ya sabunta lambar da ke kan BVN ɗinsa. Wanda kuma ba ya son rabuwa da tsohon layi yana iya raya shi da ɗan kati da kira ɗaya a kowane wata biyu ko uku. Mai sauraron da ba shi da tabbacin wace lamba ce ke kan manhajarsa zai iya dubawa ta shiga `Settings` ya taɓa sunansa a sama, inda lambar da aka yi rajista da ita take rubuce a ƙarƙashin hoto, sai ya kwatanta ta da layin da ke cikin wayar.